Baƙin layin sama da ƙasan fim: yadda ake lissafa shi a datse shi daidai

Duk wanda ya taɓa tsayar da fim a waya ya ɗauki sikirinshot ya san abin da ke biyo baya. Hoton ya fito, amma ga baƙi shimfiɗe a sama, ga shi a ƙasa, wani lokaci har da hagu da dama. Sai mutum ya shiga wurin gyaran hoto, ya danna `Crop`, ya ja kusurwa da yatsa har sai idonsa ya ce masa ya yi. Bayan ya tura hoton ne zai ga ɗayan biyu: ko dai wani siririn baƙin zare ya maƙale a bakin hoton, ko kuma ya ci hular jarumin ya yanke masa goshi.

Yatsa ba shi da laifi a nan. Hoton waya tarin ƙananan ɗigo ne da ake kira fiksel, an jera su sahu-sahu. A wayar da fuskarta ta kai inci 6.5 mai fiksel 720 a faɗi da 1600 a tsayi, irin wadda ta cika hannun mutane a nan Katsina, fiksel ɗaya bai cika kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Kan yatsa kuwa yakan rufe kusan fiksel ɗari a lokaci guda. Ka ga ke nan neman iyakar hoto da yatsa kamar zaren allura ne da safar hannu.

Amma iyakar tana wuri sananne. Ana iya lissafa ta tun kafin a buɗe hoton, a auna a tabbatar, sannan a yanka da lamba. Abin da za mu bi ke nan daki-daki.

Daga ina baƙin yake fitowa?

Kowane hoto yana da ƙira, wato yadda faɗinsa yake idan aka gwada shi da tsayinsa. Tsohuwar talabijin mai ƙeya ƙirarta 4:3 ce: idan faɗi ya yi taku huɗu, tsayi taku uku ne. In ka raba 4 da 3 za ka samu 1.33. Finafinan Hausa na zamanin kaset, tun daga Turmin Danya na 1990, a wannan ƙirar aka ɗauke su.

Masu silima kuwa sun daɗe da barin wannan ƙira. A 1953, lokacin da talabijin ta fara janye masu kallo a Amurka, kamfanin 20th Century Fox ya fito da tsarin CinemaScope a fim ɗin The Robe, da hoto mai faɗin da talabijin ba za ta iya ba. Daga baya tsarin ya zauna a kan 2.35, sannan a 1970 aka ɗan gyara shi ya koma 2.39, wanda mutane da yawa ke cike shi su ce 2.40. Akwai kuma wata ƙirar silima mai matsakaicin faɗi, 1.85. Yawancin manyan finafinan Indiya na yanzu, har da waɗanda ake fassarawa da Hausa, a ƙira mai faɗin nan ake yin su.

Da aka zo tsara talabijin ta zamani a shekarun 1980, wani injiniya mai suna Kerns Powers ya ba da shawarar 16:9, wato 1.78, a matsayin tsaka-tsaki tsakanin 1.33 da 2.35. Ita ce ƙirar filasma da YouTube a yau. To tsaka-tsaki bai yi wa kowa daidai cif ba. In aka sa fim mai faɗi a cikinta, sai faɗin ya cika, tsayin ya gaza, a cike sama da ƙasa da baƙi. Turawa sun laƙaba wa wannan yanayi sunan bakin akwatin jefa wasiƙa, don hoton yana zama kamar an leƙo shi ta wannan tsagar. In kuma tsohon fim mai 4:3 ne, tsayin ne ke cika, baƙin ya koma hagu da dama.

Lissafin ba shi da wahala. Ɗauki bidiyo mai fiksel 1920 a faɗi da 1080 a tsayi. Fim mai ƙirar 2.40 a cikinsa zai ci faɗin duka, tsayinsa kuwa 1920 a raba da 2.40, wato 800. Saura 280, a raba biyu: sahu 140 na baƙi a sama, 140 a ƙasa. Da ƙirar 1.85 ce, da tsayin ya zama kusan 1038, baƙin ya zama sahu 21 kacal kowane gefe. Da 4:3 ce, da faɗin hoton ya tsaya a 1440, a samu baƙi mai kaurin 240 a hagu, 240 a dama.

Misali daga Ƙofar Marusa

A ce ga wani matashi mai tura finafinai a kusa da Ƙofar Marusa, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar Katsina. Sabon fim ɗin Indiya-Hausa ya shigo, yana son ya ɗora hoto ɗaya daga ciki a sitatus don masu saye su gani. Fayil ɗin 1920 ne da 1080. Ya kunna shi a wayarsa, ya kwantar da ita, fuskar ta zama 1600 a faɗi da 720 a tsayi, ya tsayar a wurin da jarumin ke tsaye sararin sama na bayansa, ya ɗauka. Hoton ya fito da baƙi ta kowane ɓangare huɗu.

Wannan baƙin kala biyu ne, kuma rarrabe su shi ne rabin aikin.

Na hagu da dama na waya ne. Manhajar kallo ta rage bidiyon don tsayinsa 1080 ya shiga 720, wato ta mayar da komai kashi biyu cikin uku. Faɗin 1920 ya koma 1280. Fuskar waya kuwa 1600 ce, saura 320, sai aka raba 160 hagu, 160 dama.

Na sama da ƙasa kuwa a cikin fayil ɗin yake, an toye shi tare da fim ɗin tun wurin haɗa shi. Ita waya ba ta san baƙi ba ne, a wurinta shi ma ɓangaren hoto ne. Ta yaya za a gane haka? Ta ganin baƙi a ɓangare huɗu. Da fayil ɗin 1920 ne da 800, ba baƙi a jikinsa, da manhajar ta buɗe shi ya cika faɗin 1600, a bar ɗan baƙi na kusan sahu 27 sama da ƙasa kawai, gefe kuma babu.

Yanzu sai mu rage baƙin cikin fayil kamar yadda waya ta rage shi. Sahu 140 sau biyu cikin uku ya ba mu 93.33. Hoton fim ɗin, sahu 800, ya koma 533.33. Ma'ana hoton ya fara daga 93.33 ya ƙare a 626.67.

A nan gizo ke saƙar. Babu sulusin fiksel. Fiksel ɗaya launi ɗaya yake ɗauka.

Sahun da ya zama ruwa biyu

Kwamfuta tana fara ƙidayar sahu daga sifiri, daga kusurwar sama ta hagu. Sahu na 0 zuwa na 92 baƙi ne tsantsa. Sahu na 94 zuwa na 625 hoto ne tsantsa. Sahu na 93 kuwa iyakar ta ratsa ta cikinsa: sulusinsa baƙi, sauran kashi biyun hoto. Tunda ba zai iya rabuwa ba, sai waya ta cakuɗa su.

Ana auna hasken fiksel daga 0, baƙi ƙirin, zuwa 255, fari fat. In sararin saman da ke bayan jarumin haskensa 210 ne, sahu na 93 zai fito wajen 140. Bai yi baƙin da ido zai ce masa baƙi ba, bai kuma kai hasken hoton ba. Shi ne wannan zaren mai duhu-duhu da ke bayyana idan aka ɗora hoton a kan farar takarda ko farin shafi. Sahu na 626 a ƙasa shi ma haka yake. Wasu manhajojin ma idan suna rage hoto sukan leƙa maƙwabtan fiksel fiye da ɗaya, sai cakuɗar ta bazu zuwa sahu biyu ko uku.

Ƙa'idar ita ce: in iyaka ta faɗa tsakiyar fiksel, a matsa ciki, a bar sahun ruwa biyu ya tafi tare da baƙin. Asarar sahu ɗaya cikin ɗari biyar ba mai ganin ta, amma baƙin zare kowa na ganin sa. Saboda haka lambobin matashin namu huɗu ne: faɗi 1280, tsayi 532, a fara daga 160 ta hagu, a fara daga 94 ta sama. In ka haɗa 94 da 532 da wani 94 za ka ga sun ba da 720. In ka haɗa 160 da 1280 da 160 sun ba da 1600. Lissafi ya rufe.

Sai dai lissafi hasashe ne, dole a auna. Wasu wayoyin suna ture bidiyo gefe ɗaya don kauce wa ramin kyamarar gaba, sai hagu ya fi dama kauri. Wasu finafinan kuma tsayinsu 804 ne ko 816, ba 800 ba. Kuma ba kowane fayil ne ke zuwa da girman 1920 ba: wanda aka matse zuwa 640 da 360 don ya yi sauƙin turawa, baƙinsa ya riga ya zama sahu 46.67 a cikin fayil ɗin kansa, to in waya ta ninka shi biyu, dusashewar bakin ma ta ninku.

Aunawa da yankawa

A kwamfuta, manhajar GIMP kyauta ce kuma ta isa. Buɗe hoton, ka zuƙo shi zuwa 1600% a daidai bakin sama, inda hoton ya fi haske. A wannan girman kowane fiksel zai zama ɗan murabba'i da kake gani ƙuru-ƙuru. Kai kibiyar linzami kan sahun farko da launinsa ya yi daidai da na ƙasansa, ka karanta lambarsa a kusurwar ƙasa ta hagu. Yi haka ga ɓangarori huɗun. Sannan ka ɗauki abin yanka da `Shift+C`, ka ja kowane irin akwati a kan hoton, ka je wurin saitinsa ka rubuta 160 da 94 a `Position`, 1280 da 532 a `Size`, ka danna `Enter`.

Wanda ya saba da rubuta umarni zai iya sa ImageMagick ta karanto masa hasken sahu goma da ke kewaye da inda yake zargi:

```
magick hoto.png -crop 1280x10+160+88 +repage -colorspace Gray -scale "1x10!" -depth 8 txt:-
```

Umarnin ya ciro sahu na 88 zuwa na 97, ya matse kowanne ya zama lamba ɗaya. A misalinmu biyar na farko za su fito 0 ko kusa da haka, na shida ya yi tsalle zuwa wajen 140, sauran su zauna a wajen 210. Inda lambobin suka daina hawa suka zauna, nan ne hoto ya fara. Yankan kansa layi ɗaya ne:

```
magick hoto.png -crop 1280x532+160+94 +repage yanka.png
```

Tsarin lambobin shi ne faɗi, tsayi, nisa daga hagu, nisa daga sama. Kalmar `+repage` tana sa fayil ɗin ya manta da tsohon girmansa. In aka bar ta, wasu manhajojin za su buɗe hoton da fili a kewaye kamar ba a yanka ba.

Wanda waya kaɗai gare shi fa? Akwai dabara. Kafin ka yanka, yi kwafin hoton ka ɗaga haskensa har ƙarshe. Duk abin da yake hoto ne zai taso ya nuna kansa, baƙin layi kuwa zai zauna sumul launi ɗaya, sai iyakar ta fito fili. Ka lura da abin da ke daidai bakin, misali saman hula ko reshen itace, sannan ka koma ainihin hoton ka yanka ɗan ciki kaɗan da wurin. Ba za ka samu 94 cif ba, za ka iya faɗawa 97 ko 98, amma zaren ba zai rage ba. Masu Android da ke da manhajar Termux suna iya saka waɗannan kayan aikin da `pkg install imagemagick ffmpeg`, su yi aiki da umarnin nan a wayar.

Me ya sa ba za a bar wa na'ura ta gano da kanta ba?

Ana iya bari, in an san yadda take tunani. ImageMagick tana da `-trim`, wanda ke duba launin kusurwar hoto ya yi ta cire sahu har sai ya ci karo da fiksel mai wani launi. Matsalar farko ita ce baƙi ba ɗaya ba ne.

Ga dalili. A ƙa'idar bidiyo ta dijital da aka kafa a 1982, wadda ake kira BT.601, ba a fara baƙi daga 0 ba. An sa shi a 16, fari kuma a 235, aka bar ɗan fili ƙasa da sama saboda siginar talabijin takan zarce iyaka. Har yau yawancin bidiyo haka suke. Aikin manhajar kallo ne ta mayar da 16 ya zama 0 kafin ta nuna. In fayil ya zo da bayanin da ba daidai ba, ko an juya shi sau da yawa daga hannu zuwa hannu, sai baƙin cikin fim ya fito a 16, alhali baƙin waya na gefe yana 0. Da rana ido ba zai bambanta su ba. Shi kuwa `-trim` zai cire na hagu da dama, ya iso kan 16 ya ce hoto ya fara, ya bar sama da ƙasa yadda suke.

Maganin shi ne a ba shi sassauci da `-fuzz`. Lamba 16 cikin 255 ta ɗan haura kashi shida cikin ɗari, don haka 5% ba zai isa ba, 10% zai isa. Gara kuma a tambaye shi inda zai yanka tukuna, kafin a bar shi ya yanka:

```
magick hoto.png -fuzz 10% -format "%@" info:
```

A misalinmu amsar za ta iya zama `1280x534+160+93`. Lura: ya riƙe sahun ruwa biyu, domin 140 ya yi nisa da baƙi. Kai ne za ka ƙara ɗaya a sama, ka rage biyu a tsayi.

FFmpeg ita ma tana da nata, `cropdetect`, wanda ke ɗaukar matsakaicin hasken sahu gaba ɗaya ya gwada shi da wata iyaka, 24 in ba a canza ba:

```
ffmpeg -loop 1 -i hoto.png -frames:v 5 -vf cropdetect=limit=24:round=2 -f null -
```

Ana maimaita hoton da `-loop 1` ne saboda an gina abin don bidiyo, yakan tsallake hotuna biyun farko. Shi kuma `round=2` yana hana shi rage girman zuwa lambar da 16 ke rabawa, wanda shi ne ɗabi'arsa. In ba a sa ba, 532 zai koma 528, a yi asarar sahu huɗu a banza.

Abu biyu ne ke ruɗa waɗannan kayan aiki duka. Na farko duhu. In wurin da aka tsayar dare ne, saman hoton kansa baƙi ne, haskensa bai kai 24 ba, na'ura za ta ci gaba da ci har ta iso fuskar mutum ko fitila. Na biyu rubutu a cikin baƙin. Masu fassara da masu tura finafinai sukan sa tambarinsu ko rubutun talla a nan, fassarar magana ma sau da yawa a baƙin ƙasa take zama. Fiksel fari ɗaya ya isa ya tsayar da `-trim`. Haka ma alamar tsayarwa da sandar lokaci, in ba a jira sun ɓace ba kafin a ɗauka.

Hanyar fita daga duka biyun ɗaya ce. Baƙin layi ba ya motsi daga wannan wuri zuwa wancan a cikin fim. Nemi wurin da rana ta haska ko'ina, ba rubutu, ka ɗauki sikirinshot a waya ɗaya da saiti ɗaya, ka auna a can, ka kawo lambobin ka yanka hoton daren da su. Finafinai kaɗan ne ke karya wannan ƙa'ida, irin The Dark Knight na 2008 wanda a faifan Blu-ray yake sauya ƙira tsakanin 2.40 da 1.78. A irinsu sai a auna a wurin da ke kusa da wanda ake so.

Yadda za ka san yankan ya yi

Raba faɗi da tsayi. A wurinmu 1280 a raba da 532 ya ba da 2.41, dab da 2.40. Lambar da ta faɗo kusa da 1.33, 1.78, 1.85, 2.35 ko 2.39 alama ce mai kyau. In ka ga 2.7, mai yiwuwa an ci hoto. In ka ga 2.11, to a misalinmu tsayin ya zama wajen 606, wato rubutun ƙasa ya tsayar da yankan, baƙi mai kauri ya rage. Duba kuma ko abin da aka cire a sama ya yi daidai da na ƙasa. Bambancin sahu ɗaya ko biyu ba komai, na talatin kuwa akwai magana. Daga ƙarshe ɗora hoton a kan fari ka zuƙo bakunansa huɗu. A kan baƙin bangon manhaja ba za ka taɓa ganin zaren ba.

Wurin ajiya ma akwai abin lura. PNG yana riƙe kowane fiksel yadda yake. JPEG kuwa yana raba hoto gida-gida, fiksel takwas-takwas, ya zubar da wasu bayanai don fayil ya yi ƙarami, kuma inda haske ya haɗu da baƙi kai tsaye nan ya fi yin ɓarna: sai ƙura-ƙura ta fantsama ɓangarorin biyu a cikin gidan da iyakar ta ratsa. Shi ya sa hoton da aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto ya fi wuyar datsewa, don an matse shi an mayar da shi JPEG, sau da yawa an rage masa girma. A irin wannan sai ka shiga ciki da sahu uku ko huɗu. In kai ne mai turawa, yanka tukuna kafin ka tura, ko ka tura shi a matsayin `Document`.

Akwai kuma hanyar da ta fi duk wannan, in fayil ɗin fim ɗin na hannunka kamar yadda yake hannun matashin namu. Sikirinshot ɗinsa bayan yanka fiksel 680,960 ne. Hoton da ke cikin fayil ɗin kuwa, 1920 sau 800, fiksel 1,536,000 ne. Wato waya ta zubar da fiye da rabi kafin ya fara. A VLC ta kwamfuta, `Take Snapshot` yana ajiye hoton da girman bidiyon na asali. Da FFmpeg kuma ana ciro shi a yanke a lokaci guda:

```
ffmpeg -ss 00:42:10 -i fim.mp4 -frames:v 1 -vf crop=1920:800:0:140 hoto.png
```

A nan iyakar ta faɗa kan cikakkiyar lamba, 140, babu sulusi. Ko da haka a duba sahu ɗaya ko biyu na baki, don matsin bidiyo yakan ɗan ɓata su.

Abin da yanka ba zai iya ba

Babu hoto a ƙarƙashin baƙin nan. Cire shi ba ya buɗe komai, yana dai barin hoton da ƙirarsa ta asali, mai faɗi. Saboda haka in aka ɗora shi a sitatus, wanda a tsaye yake, zai zauna a tsakiya da faɗin 720 da tsayin kusan 300, sauran fuskar kuma manhaja ta cike ta da nata bangon. Wannan filin ba a jikin hoton yake ba, kuma ba yankan da zai kore shi.

In ana son hoton ya cika wata ƙira, sai an sadaukar da gefe. Don samun 16:9 daga tsayin 532, faɗin da za a bari wajen 946 ne, a zubar da 334, kusan rubu'in hoton. A nan mutum ne zai zaɓi wanda zai rage a ciki, in mutum biyu ne suke tsaye nesa da juna ɗaya zai iya fita. Abin da bai kamata a yi ba shi ne a ja hoton ta tsaye don 532 ya cika 720. Hakan yana ƙara wa komai tsayi da kashi 35 cikin ɗari: fuska ta miƙe, tayar mota ta zama ƙwai. In kana zargin an yi wa wani hoto haka, nemi abu mai zagaye a cikinsa, agogo ko faranti ko taya da ke fuskantar kyamara, ka ƙirga fiksel ɗin faɗinsa da na tsayinsa. In sun zo ɗaya, ba a ja shi ba.